Ranar da Na Kashe Janareta a Gaban Surukina

Shekara tara ina auren ɗansa, amma ban taɓa haɗa ido da surukina ba. Ban taɓa kai loma baki a gabansa ba. Idan ya shigo falo sai in zame daga kujera in durƙusa, in gaishe shi kaina a ƙasa, in sulale kicin. Haka aka rene ni a Zariya, kuma zaman Abuja bai canza ni ta wannan fannin ba. Kada wani ya ɗauka ni salihar baiwa ce. Malamar kemistiri ce ni a makarantar sakandare, kuma idan na ɗaga murya a ajin farko, 'yan ajin ƙarshe ma gyara zama suke yi. Ina da baki, ina da zuciya a kusa, maigidana shaida ne. Amma a gaban Baba, ko tari ya zo mini haɗiye shi nake yi.

Baba ya yi ritaya daga ma'aikatar gwamnatin tarayya yana darakta. Mutum ne da ya saba idan ya yi magana a rubuta. Da ya bar aiki sai ya buɗe gonar kaji a bayan Kuje, ya zuba mata duk ƙarfinsa. Abin da ya fi alfahari da shi a gonar shi ne wata na'ura da ya saya a unguwar masana'antu ta Idu, wadda ke haɗa ruwan kulorin na kashe ƙwayoyin cuta. Ana jiƙa gishiri a ruwa, ruwan ya bi ta cikin wani akwati mai faranta biyu na ƙarfe, ɗaya a haɗe da wayar fozitif, ɗaya da nagetif. Wuta ta ratsa, ruwan ya fito yana warin bilic, ya zuba a wani babban tankin roba. Da shi ake wanke mazubin ruwan kaji, da shi ma'aikata ke tsoma takalma kafin su shiga keji. Na sha jin labarin na'urar a bakin maigidana, amma ban taɓa leƙa ɗakin da take ba. Me zai kai suruka ɗakin inji?

Wata Asabar cikin damina, Hajiya, wato surukata, ta ba mu kular abincin Baba mu kai masa gona, mu ɗauko mata ƙwai. Mun isa ana gab da azahar. Ranar babu iska ko kaɗan, ganye ma ba ya motsi, sai zufa da warin kashin kaji. Muka tarar da Baba zaune a kujerar roba ƙarƙashin mangwaro, yana fuskantar ɗakin na'urar. Na durƙusa na gaishe shi.

"Malama, an zo lafiya? Ya 'yan makaranta?" Haka yake kirana, da ɗan zolaya a ciki.

Na ce lafiya lau, na ajiye kula, na ja gefe na zauna a kan wani bulo.

Akwai wani mutum a ƙofar ɗakin yana warware waya. Mai walda ne, Bagwari, daga cikin garin Kuje, zai yi shekara hamsin, da furfura a gemu da ƙananan tabon ƙuna a hannuwansa. Janaretansa na can nesa kusa da rijiyar burtsatse yana ruri. Maigidana ya tambayi abin da za a gyara, Baba ya ce ƙarfen da ya kewaye tankin ne ya tsage daga sama, dab da murfi, za a ɗan like shi.

"Aikin minti goma ne," in ji Baba. "Na kashe na'urar tun awa guda, na sa an bar ƙofa a buɗe. Kulorin ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi, ya riga ya fice. Ko ya rage ma ba ya kamawa da wuta, shaƙarsa ce matsala. Ga takunkumi na ba shi."

Duk abin da ya faɗa game da kulorin gaskiya ne. Amma gabana ya faɗi, domin ban ji ya ambaci ɗaya iskar ba.

Na ɗaga kai na dubi ɗakin sosai. Ɗan ƙaramin gini ne na bulo, da rufin kwano, babu taga ko ɗaya, sai ƙofa gajera. Daga saman ƙofar zuwa rufin akwai tazarar da ta kai kamu uku, a toshe ruf. Wani farin bututu ya huda rufin ya fito sama, kuma na san aikinsa ko ba a gaya mini ba: daga tankin yake, shi ne mashaƙar da iska ke fita. A bakin bututun an ɗaura wata babbar baƙar leda da robar tsohon tub na taya. Ledar a kumbure take tam, a tsaye, tana sheƙi a rana. Babu iskar da ke kaɗawa, to me ya hura ta?

Na ja hannun rigar maigidana, na yi ƙasa da murya. "Wa ya ɗaure bakin bututun can?"

"Baba ne ya sa. Ruwan sama na shiga, ga ƙadangaru. An kwana biyu."

"Kwana nawa?"

"Ina jin ya kai mako. Me ya faru?"

"Ka je ka gaya masa kada a kunna wuta a ɗakin nan. Akwai haidirojin a tankin da ƙarƙashin rufin. Fashewa zai yi."

Ya dube ni, ya dubi mahaifinsa, ya shafa ƙeya. "Kin tabbata? Kin san Baba ya karanta kemistiri fa."

"Ni kuma koko nake sayarwa? Ka tashi ka je!"

Ya je ɗin, amma irin zuwan da gara bai je ba. Ya tsuguna yana murmushi, ya ce wai Malama tana tambaya ko akwai sauran iska a ciki. Tambaya! Ni da na ce masa fashewa zai yi. Baba ya yi dariya, ya ɗaga murya don in ji.

"Malama, kwantar da hankalinki. Gishiri sodiyam ne da kulorin. Idan wuta ta raba shi, ƙarfe ya tafi nagetif, kulorin ya tafi fozitif. Iska ɗaya ce tak, kuma hanci yana jin ta. Shiga ki shaƙa, babu komai." Ya juya ga mai walda. "Bismillah, malam, yi aikinka."

Mai walda ya ce, "To, Oga." Ya saukar da gilashin fuska, ya gwada sandarsa a kan wani guntun ƙarfe a waje. Tartsatsi ya watsu, shuɗi da fari. Ya gyaɗa kai, ya ɗauki ɗan tsaninsa, ya sa kai cikin ɗakin yana jan waya a bayansa.

Ina zaune a kan bulon nan ina lissafi. Idan na yi magana, na ƙaryata surukina a gaban ɗansa da ma'aikatansa, abin da uwata za ta ji ta ce ba ita ta haife ni ba. Idan na yi shiru, mutumin nan zai hau tsani, kansa ya shiga inda iskar ta taru, ya ɗora wuta kamu ɗaya daga murfin tankin. Na ji ƙarar ƙafar tsani a kan siminti. Na ji ya taka matakin farko.

Ban san lokacin da na tashi ba. Gudu na yi, gudu na gaske, irin wanda rabona da shi tun ina 'yar firamare. Takalmi ɗaya ya fice, mayafina ya maƙale a reshen gwaiba ya zauna can. Na isa janaretan, na murɗa makulli. Ya yi tari biyu ya mutu.

Gonar ta yi tsit, har kajin kamar sun saurara. Na juyo, ga ni ba mayafi, ƙafa ɗaya ba takalmi, ina haki, surukina yana kallona. Ma'aikata uku sun fito daga keji sun tsaya. Wallahi da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige.

Mai walda ya leƙo. "Wa ya kashe?"

"Ni ce," na ce. "Don Allah malam ka fito. Kada ka taɓa makunnin fitila, kada ka ja ƙarfe a ƙasa. Fito a hankali."

Ya fito, ya tsaya a bakin ƙofa, yana duban Baba.

Baba bai ɗaga murya ba, kuma hakan ya fi tsawa ban tsoro. Bai ma yi magana da ni ba. Ɗansa ya kalla. "Je ka tayar da injin nan."

Maigidana ya miƙe. Ya yi taku biyu ya tsaya, kamar an dasa shi. Na zare makullin na damƙe a hannuna. Na tako har gaban Baba, na durƙusa a kan tsakuwa, gwiwa biyu, amma ban miƙa makullin ba.

"Baba, ka yi mini rai. Ka yi mini duk hukuncin da ka ga dama, amma ka saurare ni tukuna."

"Ina jin ki." Fuskarsa a ɗaure, yana kallon saman kaina.

Na ce abin da ya faɗa daidai ne idan gishirin narkakke ne, wanda aka dafa shi kaɗai a wuta mai tsananin zafi har ya zama ruwa-ruwa, babu ɗigon ruwa a ciki. A nan abu biyu ne kawai a tukunya, sodiyam da kulorin, don haka dole sodiyam ya fito a nagetif, kulorin a fozitif, babu na uku da zai yi musu takara. Amma na'urar nan gishiri ne jiƙaƙƙe a ruwa, kuma shi ruwan ba ɗan kallo ba ne. A farantin nagetif, ruwa ya fi sodiyam saurin karɓar wutar nesa ba kusa ba. Sai ruwan ya rabu, haidirojin ya tashi, sodiyam ya yi zamansa a cikin ruwan bai je ko'ina ba.

Baba ya katse ni. "Da idona na gani. Muna aji biyar, malaminmu ya narka wani farin gari, gishirin darma da buromin, ya sa sanduna biyu. Jan hayaƙi ya tashi a ɗaya, a ƙarƙashin ɗayar muka tsinci ƙwallon darma. Ni aka ba na riƙe da ya huce. Ƙarfe a nagetif. Tun kafin a haife ki."

"Narka shi ya yi, Baba. Bai jiƙa shi ba."

Na ji maigidana ya ja numfashi. Ma'aikatan suka sunkuyar da kai, ɗaya ya fara kame-kamen gyara bokiti.

"To," in ji Baba, kuma yanzu muka haɗa ido, karo na farko a shekara tara. "Shuɗin ruwan nan na jan ƙarfe fa? Shi ma ba a ruwa yake ba? Mun tsoma makulli a ciki, muka ba shi wuta, ya fito ja wur. Ƙarfe ya fito a nagetif, a cikin ruwa. Ko shi ma ƙarya idona ya yi?"

Ko a cikin wannan tashin hankali sai da na ji wani abu kamar sha'awa. Tsohon bai manta karatunsa ba, rabinsa ne kawai aka ba shi. Ita ce tambayar da nake addu'ar ɗalibaina su yi mini, ba sa yi.

Na ce, "Idonka bai yi ƙarya ba, Baba. Ƙarafa suna da jeri. Jan ƙarfe da azurfa suna ƙasa da haidirojin, ba su da zafin nama, su ne ke riga ruwa fitowa, shi ya sa ake rufa su a jikin makulli da cokali. Amma sodiyam da fotasiyam da kalsiyam da maganiziyam da alminiyam suna can sama. Muddin akwai ruwa, ba za su fito ba, haidirojin ne zai fito a madadinsu. Shi ya sa masu haƙo alminiyam narkawa suke yi, ba sa jiƙawa. Ɗaya gefen ma haka ne. Kulorin yana fitowa a fozitif ne saboda gishirin ya ji a ruwan. Da za a tsinka shi ya yi salam, oksijin ne zai fi fitowa. Kuma Baba, mako nawa na'urar nan tana aiki? Wa ya taɓa kwasar sodiyam a cikinta? Ai ko ya fito, da ya taɓa ruwa zai ci, ya ba da haidirojin ɗin dai."

Na san na yi tsawo, na kuma san muryar aji ta fara fita. Na kasa tsayawa. Na ce kulorin da yake jira ya ji a hanci yawancinsa ma ba ya tashi, narkewa yake a ruwan, shi ne ya zama maganin da ake so. Haidirojin kuwa ba ya narkewa, ba shi da wari, ba shi da launi, kuma babu iskar da ta kai shi rashin nauyi. Buɗe ƙofa ba ya fitar da shi, sama yake hawa. An toshe masa bututu, ya cika saman tankin, ya bi gefen murfi ya taru a ƙarƙashin kwano. Ya gauraya da iska, ƙyas ɗaya yake jira.

Baba ya gyara zama. Jijiyar gefen kansa tana motsi. Sannan ya ce, "Kin gama?"

"Na gama, Baba."

"Malam," ya ce da mai walda, "gonar nan tawa ce. Na ce babu komai a ɗakin nan. Za ka yi aikin ko in kira wani?"

Mutumin ya cire gilashin gaba ɗaya, ya share zufa da bayan hannu. Ya dube ni, ya dubi Baba. Na gane halin da yake ciki sarai. Baba ne ke ba shi duk aikin ƙarfen gonar, keji da ƙofofi da komai, kuma a Kuje masu walda ba su yi kaɗan ba.

"Oga, ni ban san wannan turanci ba," ya ce. "Madam ya ce akwai, kai ka ce babu. Ni ban ji warin komai ba. In ka ce in shiga, zan shiga."

Nan zuciyata ta tashi. Na manta a durƙushe nake. "Za ka shiga? Kai ba ka da iyali ne? To wallahi sai dai a fasa hannuna a ɗauki makullin nan!"

"Ke!" in ji maigidana.

"Kada ka ce mini ke! Kai da aka aika ka ka je kana murmushi!"

A gaban mahaifinsa na faɗi haka. Har yau idan na tuna sai na runtse ido.

Ban san abin da zai biyo baya ba, sai idona ya sake sauka a kan ledar. Na sassauta murya. "Baba, gani ya kori ji. Ga leda can a kumbure. Kai ka ce iska ɗaya ce a tankin, kulorin, kuma ka ce ya fi iska nauyi. A ciro ledar a ƙulle bakinta a sake ta. Idan kulorin ne, ƙasa za ta faɗo. Idan ta faɗo, ga makulli, kuma ba zan ƙara taka gonar nan ba sai ka yafe mini. Idan haidirojin ne, sama za ta yi."

Ina rufe baki na yi nadama. Na san abin da ban faɗa ba. Idan iskar waje ta gauraya da yawa a cikin ledar, ba za ta iya ɗaga kanta ba, faɗowa za ta yi, alhali gaurayen shi ne ma ya fi saurin fashewa. Na ɗora ran bawan Allah a kan ledar da ban san nauyinta ba. Na riga na ƙudura a raina ko ta faɗo ba zan ba da makullin ba, in ya so a ce mini maƙaryaciya a kan rashin kunya.

Baba ya ɗan karkata kai. "Leda ai ko babu komai iska na ɗaukarta. A kawo irinta, a hura da baki, a sake su tare."

Ɗaya daga cikin ma'aikatan ya ruga sito ya kawo. Maigidana ne ya hura ta, ya ƙulle, bai kalli kowa ba. Mai walda ya jingina wani tsani a bango ta waje ya hau. Na ce ya ajiye duk wani ƙarfe da ke aljihunsa, ya murɗe wuyan ledar kafin ya zare robar, ya kawar da fuskarsa daga bakin bututun. Ya yi yadda na ce. Ya ƙulle ta da kanta, ya sauko da ita a hankali kamar mai ɗauke da tiren ƙwai. Muka matsa can fili, nesa da ɗakin.

Baba ya taso da kansa. Ya karɓi ledar bututun a dama, ɗayar a hagu, ya ɗaga su daidai kafaɗa. Ina kallon hannunsa na dama, ina karanto duk addu'ar da ta zo bakina.

Ya sake su.

Wadda aka hura da baki ta yi lilo ta sauka a kan takalminsa. Ɗayar ta tsaya cak a inda ya sake ta. Ba ta hau ba, ba ta sauka ba. Sai ta juya a hankali, ƙullin ya koma ƙasa, ta fara hawa. Ta wuce hular Baba. Ta wuce rufin keji. Ta wuce kan mangwaron, tana tafiya sama sak, babu iskar da ke tura ta, har ta zama ɗan baƙin ɗigo.

Wani ma'aikaci ya fara salati a hankali.

Na zaci zan ji daɗi. Ko kusa. Na zauna daɓas a ƙasa, kuka ya ƙwace mini. Maigidana ya ɗauko mayafina daga jikin gwaiba ya yafa mini, na ture hannunsa, sannan na ja mayafin na rufe fuskata.

Baba ya daɗe yana kallon sama. Da ya sauke kai, ya tambaya, ba tare da ya juyo ba, "Yanzu me za a yi?"

Na share ido na ce a bar bututun a buɗe, kada a sake ɗaure shi har abada, in ruwan sama ake tsoro a sa masa hula mai buɗaɗɗen gefe da raga. Kada kowa ya shiga da wuta ko ya taɓa makunni. A bar ɗakin ya sha iska, sannan a buɗe masa mashaƙa a can sama dab da rufi. Ƙarfen kuma a jira wanda ya sayar da na'urar ya zo ya duba, a kwance shi a fito da shi fili a yi waldar a can. Baba ya ce da ma'aikatan, "Kun ji."

Mai walda ya koma wajen kayansa. Ya tsuguna zai naɗe wayarsa, amma hannuwansa sun ƙi. Ya naɗa zagaye biyu ta zame, ya sake, ta sake zamewa. Ya saki wayar, ya zauna a ƙasa, ya ciro 'yar ƙaramar wayar salularsa ya kira wani. Da Gwaranci ya yi magana, ban ji ko kalma ba, sai dai muryar mace na jiyo daga can, da hayaniyar yara. Bai daɗe ba ya kashe, ya kifa kai a gwiwa.

Baba ya taka zuwa wajensa. Ya tattare babbar rigarsa, ya sunkuya da ƙyar saboda ciwon gwiwa, ya ɗauki wayar waldar daga cikin ƙasa. Ya shiga naɗe ta a hannunsa, zagaye bayan zagaye, baƙin mai yana ɓata masa farar shadda. Maigidana ya matsa zai karɓa, Baba ya girgiza kai. Da ya gama ya ajiye ta a gaban mutumin, ya tsuguna har suka yi daidai.

"'Ya'yanka nawa?"

"Biyar, Oga. Ƙaramin bai fara tafiya ba."

Baba ya kama hannun mai waldan da hannu biyu.

"Sau biyu na ce ka shiga," ya ce. "Ka yafe mini."